Abin da afasiya ke nunawa game da nahawu da kalmomi a ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan daga wuri biyu suka fito. Wasu daga iyalan marasa lafiya ne a Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa maganar wani nasu. Wasu kuma daga ɗalibai ne da suka karanta cewa nahawu yana gaban ƙwaƙwalwa, kalmomi suna bayanta, suna so su ji ko da gaske ne. Matsayina shi ne: afasiya ta nuna cewa haɗa jimla da nemo kalma suna iya lalacewa daban-daban, amma ba ta tabbatar da cewa kowannensu yana da mazauni guda nasa shi kaɗai ba.

Mece ce afasiya, kuma da me ta bambanta da nauyin baki ko taɓin hankali?

Afasiya lalacewar harshe ce sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa. Mafi yawan lokaci jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, kuma a Ghana da Najeriya hawan jini ne kan gaba wajen jawo hakan. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki yana samun afasiya. Da yake wajen mutum 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu ne ke ɗauke da harshe, kuma ɓangaren hagu ne ke sarrafa jikin dama, sau da yawa za ka ga hannun dama da ƙafar dama ne suka shanye tare da maganar.

Mai nauyin baki kawai, leɓe da harshensa ne suka yi rauni. In ka ba shi biro ya rubuta maka jimla cikakkiya. Mai afasiya kuwa, matsalar tana bin sa har cikin rubutu da karatu. Kurame masu maganar hannu ma suna samunta idan ɓangaren hagu ya taɓu, ko da hannayensu na motsi lafiya. Ke nan abin ba a baki yake ba. Kuma ba hauka ba ne. Mutum yana iya gane 'ya'yansa, ya lissafa canjinsa, ya san lokacin salla, amma ya kasa cewa a ba shi ruwa.

Daga ina aka samo maganar cewa nahawu yana gaba, kalmomi suna baya?

A 1861 wani likita a Faris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne a asibitin Bicêtre. Mutumin ya yi shekara 21 ba ya iya furta komai sai "tan", ban da zagi in ransa ya ɓaci, amma yana gane abin da ake faɗa masa. Da ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, sai aka ga rauni a ƙasan sashen goshi na hagu. A 1874 kuma wani likita, Carl Wernicke, a birnin Breslau ya bayyana wasu marasa lafiya da ke zuba magana ba tsayawa amma ba ma'ana, ba sa kuma fahimtar abin da aka ce musu. Ya danganta wannan da rauni can baya, a sashen da ke saitin kunnen hagu.

Ga yadda nau'o'in biyu, da ake kira nau'in Broca da nau'in Wernicke, za su kasance a bakin Bahaushe. Misalai ne na kwatance, ba maganar wani takamaiman mutum ba. A tambayi tsohon ɗan kasuwar goro mai nau'in Broca aikinsa, sai ya ce, da ƙyar, yana nishi tsakanin kalma da kalma:

"Goro... Kumasi... mota... Kano... da can... yanzu... a'a."

Kalmomin duk daidai suke, kuma ka gane labarin. Abin da ya ɓace shi ne "ina", "na", "zuwa", "muke", wato ƙananan kalmomin da ke nuna wa ya yi, yaushe, daga ina zuwa ina. Aikatau ma babu.

A yi wa mai nau'in Wernicke wannan tambayar, sai ya amsa cikin sakin jiki:

"To ai shi ne, mun je mun ɗauko abin nan da ake yi da shi, sai na ce masa ka ba ni na wajen, shi ke nan suka tabale mana shi, ai kuwa lafiya lau."

A nan "mun", "sai na", "suka" duk suna wurarensu, karin muryar ma na Hausa ne sak. Amma babu goro, babu mota, kuma "tabale" ba kalma ba ce.

Ƙarfin hujjar yana cikin haɗuwar biyun. Da nau'in Broca kaɗai muke da shi, da sai a ce nahawu ne ya fi wuya, shi ya sa ya fara faɗuwa. Amma da aka samu wani wanda nasa ya juye, ginin jimla na tsaye kalmomin sun zube, sai wannan bayanin ya kasa. Dole ayyukan biyu su kasance suna da wani rabuwa. Wannan hujja ce mai kyau, kuma har yau tana nan.

Sai dai a lura: Broca da Wernicke ba nahawu da kalmomi suke magana a kai ba. Su a wurinsu gaba na furtawa ne, baya na ji da fahimta. Leborgne ma bai iya jimla ko ta kalma biyu ba, balle a auna nahawunsa. Fassarar nahawu da kalmomi ta yi ƙarfi ne wajen shekara ɗari bayan haka.

Malam, an ce Baba nau'in Broca gare shi, kuma duk abin da muka faɗa masa yana ganewa. Yaya za a ce nahawunsa ya taɓu?

Hajiya, abin da kika gani gaskiya ne, kuma haka likitoci suka ɗauka shekaru da yawa. A 1976 Alfonso Caramazza da Edgar Zurif suka nuna cewa akwai ɓoyayyen giɓi a fahimtar. Bari in bi gwajin daki-daki da jimlolin Hausa, da lambobin da na sa don misali.

Ana ajiye wa Baba hotuna biyu, a karanta masa jimla, ya nuna hoton da ya dace. Kafin a fara sai an tabbatar da abu uku: yana ji sosai, ya san kalmomin ɗaya-ɗaya, kuma yana ganin hotunan biyu. Na ukun ba ƙaramin abu ba ne, domin rauni a hagu yakan ɗauke ganin ɓangaren dama. Shi ya sa ake jera hotunan sama da ƙasa maimakon gefe da gefe.

Rukuni na farko jimloli ne irin "Tuwon da yaro ya ci mai zafi ne". Jimlar tana da ɗan sarƙaƙiya, amma tuwo ba ya cin yaro. Wanda ya kama "tuwo", "yaro" da "ci" ya gama, ko bai ji sauran ba. A ce Baba ya samu 19 cikin 20.

Rukuni na biyu irin "Kare ya kori biri". A nan kowa na iya korar kowa, don haka sanin duniya ba zai taimaka ba. Amma tsarin shi ne na kullum: mai aiki a farko, wanda aka yi wa a ƙarshe. A ce ya samu 17.

Rukuni na uku irin "Biri ne kare ya kora", ko "Birin da kare ya kora baƙi ne". Labarin bai canza ba, kare ne dai ke kora, amma biri ya dawo farkon jimla. Babu abin da zai gaya maka mai aikin sai ginin jimlar kansa: "ne" ko "da" da suka biyo bayan biri, matsayin kare daf da "ya", da yadda "kori" ya koma "kora" saboda babu komai a bayansa. A nan Baba ya samu 11.

Hotuna biyu ne, don haka ko da ido rufe mutum zai dace da wajen 10. Ke nan 11 canki-canka ne. Sai mutum ya kai 15 cikin 20 kafin a fara yarda ba sa'a ba ce, domin mai canka kawai sau 2 cikin 100 yake kaiwa nan. Akwai kuma abin lura a cikin wannan 11 ɗin. Da Baba yana bin dokar "na farko shi ne mai aiki" tsantsa, da kusan duka zai faɗi, ya samu 1 ko 2. Tsayawarsa a tsakiya na nuna cewa wani abu na ginin jimlar yana isa gare shi yana ce masa kare ne, al'adar tsari kuma tana ce masa biri ne, sai ya rasa na zaɓa.

Hausa ta ba mu damar ƙara mataki ɗaya. A sauya dabbobin: "Rago ne akuya ta tunkuya". Yanzu "ta" kaɗai ta isa ta tona mai aikin. In makin Baba ya tashi a irin wannan, to yana amfani da ƙananan kalmomin, sauyin tsari ne ke ba shi wuya. In bai tashi ba, ƙananan kalmomin ma suna wuce shi.

A gida ba za ki taɓa ganin wannan ba, domin maganar gida kusan duk irin rukuni na farko ce. "Baba, ga kokonka", "Aisha ta kawo magani". Ido da hali da sabo suna cike giɓin.

To ashe nahawun ya goge daga kansa ke nan?

Haka aka fara fassarawa, amma bayan shekara bakwai fassarar ta gamu da cikas. A 1983 Marcia Linebarger da Myrna Schwartz da Eleanor Saffran suka ɗauki marasa lafiya huɗu da ke faɗuwa irin gwajin can, suka yi musu wata tambaya dabam: jimlar nan daidai take ko a karye? Sai ga shi suna gane karyayyun jimloli da kyau ƙwarai. A Hausa, kamar ka ce wa Baba "Yaran da sun tafi sun dawo" ko "Na saya goro", ya yamutsa fuska ya girgiza kai, domin ya san "suka tafi" da "na sayi goro" ake cewa. Wanda nahawunsa ya goge ba zai iya wannan ba.

Daga nan bayanai suka rabu. Wasu suka ce ilimin yana nan, saurin aiki da shi ne ya ragu: kafin ya gama warware farkon jimla, ƙarshenta ya wuce. Akwai abin da ke goyon bayan wannan. An gwada mutane masu lafiya, aka ƙara saurin maganar da suke saurara, ko aka dusashe sautin, ko aka ɗora musu riƙe lambobi a ka, sai suka fara kuskure a irin wuraren da masu afasiya ke yi. Wasu kuma, irin su Herman Kolk a Holan, suka ce gutsuttsarin maganar ma dabara ce: mutum ya san doguwar jimla za ta gagare shi, sai ya zaɓi gajeriya da zai iya kaiwa ƙarshenta.

Ni a ganina wannan ne darasi mafi nauyi a fagen nan. Abin da muke ji daga bakin majinyaci ba hoton abin da ya ɓace ba ne kai tsaye. Haɗin abu uku ne: abin da ya lalace, abin da ya rage, da ƙoƙarin mutumin na yin amfani da abin da ya rage.

Mai nau'in Wernicke fa, nahawunsa lafiya lau yake?

A'a. Saurin maganar ne ke rufe ido. In aka ɗauki muryarsa aka rubuta, za a ga jimloli da suka fara ta wata hanya suka ƙare ta wata, da "mun" inda ya kamata a ce "muka", da ƙananan kalmomi da aka musanya. A gwajin kare da biri ma yakan faɗi, sau da yawa fiye da mai nau'in Broca. Mai nau'in Broca shi ma yana wahalar nemo kalma, musamman aikatau. Wato kowanne nau'i ya taɓa ɓangarorin biyu. Rabuwar ta rinjaye ce, ba ta tsaf-tsaf ba.

Su kalmomin, wuri ɗaya aka tara su?

Wahalar nemo kalma, wadda ake kira anomiya, ita ce alamar da kusan duk mai afasiya ke da ita, ko ina raunin yake a yankin harshe. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar cewa akwai rumbun kalmomi guda a lungu guda.

Hanyoyin da kalma ke ɓacewa ma sun bambanta. Ka nuna wa wani buta, ya kasa kiran sunanta, amma ya kwaikwayi alwala da hannu, in ka ce "bu..." sai ya ƙarasa. Wannan ma'anar tana nan, hanyar zuwa sautin ce ta toshe. Wani ya ce "tulu" ko "kofi", wato ya faɗa kusa da ma'anar. Wani ya ce "buka" ko "guta", ya faɗa kusa da sautin. Akwai kuma wata cuta da ke cin gaban sashen kunne a hankali, ba shanyewar jiki ba, inda mutum zai maimaita "buta" sarai cikin jimla mai kyau, sannan ya tambaye ka mece ce buta. Daga waɗannan muka koyi cewa sanin kalma matakai ne: ma'anarta daban, sautinta daban, kuma kowanne na iya yankewa shi kaɗai.

Akwai rahotanni masu ban mamaki fiye da haka. A 1984 Elizabeth Warrington da Tim Shallice suka bayyana marasa lafiya da ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ya bari suna gane kayan aiki amma ba sa gane dabbobi da tsirrai. A 1985 aka ba da rahoton wani da matsalarsa ta tsaya kan sunayen 'ya'yan itatuwa da kayan lambu. Ana kuma yawan ganin raunin gaba ya fi taɓa aikatau, na sashen kunne ya fi taɓa sunaye.

Amma a yi hattara da saurin yanke hukunci. Ba lallai ne a ce akwai wurin dabbobi da wurin kayan aiki ba. Warrington da Shallice da kansu sun kawo wani bayani: dabba da kamanninta ake gane ta, kayan aiki kuwa da amfaninsa, don haka wataƙila nau'in sanin ne ya rabu. Haka aikatau: ya fi suna wuyar zanawa a hoto, kuma yana jawo nahawu tare da shi. "Saya" ba ya zuwa shi kaɗai, sai ka zaɓi "sayi", "saye" ko "saya" gwargwadon abin da ke biye. Wanda ya kasa shi, kalmar ce ta ɓace masa ko ginin? Gwajin kiran suna kaɗai ba zai raba maka ba.

Mahaifiyarmu tana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, tana amsa sallama, amma ba ta iya cewa tana jin yunwa. Wasu na cewa da gangan take yi.

Ba da gangan ba ne, ɗan'uwa, kuma ina roƙon ku daina bari ana faɗa mata haka. An san wannan tun zamanin likitan Ingila Hughlings Jackson a ƙarni na 19. Abin da aka haddace aka maimaita dubban sau, kamar addu'a, gaisuwa, ƙirga da waƙa, yana fitowa ne a dunƙule, kuma ɓangaren dama da sassan can cikin ƙwaƙwalwa suna da hannu a ciki. "Ina jin yunwa" gajeriya ce, amma sai an ƙirƙiro ta a lokacin: a nemo kalma, a zaɓi "ina" a bar "na" da "zan". Wannan aikin ne ya taɓu. Saboda haka karatun da take yi ba shaida ba ne cewa nahawunta lafiya yake, amma ƙofa ce da masu gyaran magana ke shiga ta cikinta, har akwai hanyar jiyya da aka gina kan rera gajerun jimloli.

In hoton ƙwaƙwalwa ya nuna inda raunin yake, ba shi ke nan an san aikin wurin ba?

Nan ne hujjar ta fi rauni. A 1978 J. P. Mohr da abokan aikinsa suka nuna cewa raunin da ya tsaya a yankin Broca kaɗai, wato wurin nan na ƙasan sashen goshi na hagu, ba ya barin afasiyar Broca mai ɗorewa. Mutum yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan maganar ta dawo sosai. Sai raunin ya yi faɗi, ya ci maƙwabtan yankin da zaruruwan da ke ƙarƙashinsa, ciwon ke zama. A 2007 kuma Nina Dronkers da tawagarta suka sa ƙwaƙwalwar Leborgne kanta a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, domin Broca bai yanka ta ba, an adana ta a Faris. Sai aka ga raunin ya nutsa can ciki, ya yanke manyan zaruruwan da ke haɗa gaba da baya. Broca saman kawai ya gani.

Dalili na biyu shi ne jini. Rauni ba ya bin iyakar aiki, hanyar jijiya yake bi. Babbar jijiyar da ke ciyar da gefen ƙwaƙwalwa ta rabu gida biyu: reshen sama yana kai jini gaba, reshen ƙasa yana kai shi baya. In transfoma ta lalace a unguwa, tela da mai niƙa da masallaci duk sai su shiga duhu tare, ba don aikinsu ɗaya ba, sai don layinsu ɗaya. Haka nan gutsurewar jimla da wahalar furuci da shanyewar hannun dama suke zuwa tare a nau'in Broca. Reshe ɗaya ke ciyar da su. Zuwansu tare bai nuna cewa abu ɗaya ne ba.

Na uku, wurin da ya mutu yana iya kashe aikin wani wuri mai nisa da ke dogaro da shi, ko da shi wancan bai nuna komai a hoto ba. Rauni yana gaya maka cewa aikin yana buƙatar wannan wuri ko abin da ya ratsa ta cikinsa. Bai gaya maka cewa a nan kaɗai ake yin aikin ba.

Da aka koma duba masu lafiya suna karatu a cikin na'ura, binciken Evelina Fedorenko da abokanta ya nuna cewa yankunan harshe na gaba da na baya duk suna amsa wa ma'anar kalma da ginin jimla a tare. Ba su sami yanki da ya keɓanta da nahawu zalla ba. Akwai masanan da har yanzu ke jayayya da wannan, amma ko su ba sa kare tsohuwar taswirar yadda take a littattafan makaranta.

Yawancin binciken nan da Turanci aka yi. Ya shafi Hausa kuwa?

Ya shafe ta, amma ba kai tsaye ba. An daɗe ana cewa alamar nau'in Broca ita ce zubar da ɗafe-ɗafen kalma, domin haka Bature ke yi: ya yar da ƙarshen kalma, abin da ya rage kalma ce. Da aka duba Ibrananci da Italiyanci, inda saiwar kalma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai aka ga marasa lafiya ba sa yarwa, musanyawa suke yi, su sa ɗafin da bai dace ba. Wato majinyaci yana kiyaye dokar abin da zai iya zama kalma a harshensa, kuma wannan ma nahawu ne. A Kenya, Tom Abuom da Roelien Bastiaanse sun gwada masu jin Swahili da Turanci, suka ga aikatau na Swahili, duk da tarin ɗafe-ɗafensa, ya fi na Turanci tsira a bakin waɗannan masu jin harsunan biyu. A nan Ghana ma an yi irin wannan aiki da masu jin Akan tare da Jami'ar Groningen ta Holan, aka ga maganar abin da ya wuce ta fi ba su wuya a kan maganar abin da aka saba yi, kamar yadda aka gani a harsuna da dama.

Hausa tana da nata tarkon guda biyu. Na farko karin sauti ne. "Ya zo" da dogon wasali da murya sama labari ne, ya riga ya iso. "Ya zo" da gajeren wasali da murya ƙasa umurni ne, a ce masa ya taho. Nahawun yana cikin muryar. Mai nau'in Broca kuma sau da yawa sarrafa tsawon wasali da kaɗawar murya na ba shi wuya. In ya faɗi ɗaya a wurin ɗaya, nahawu ne ya kuskure ko furuci? Sai an gwada kunnensa daban, a faɗa masa biyun ya bambance, kafin a ce komai.

Na biyu namu ne na Zongo. Da yawa daga cikinmu a Kumasi da Accra ba ma raba namiji da mace a magana yadda Bakano ke yi. Mutum lafiyayye zai ce "yarinya ya zo", ya sa "ne" a ko'ina, kuma ba kuskure ba ne, Hausar garinsa ce. In mai gwaji ya zo da ma'aunin Hausar Kano, zai rubuta wa wannan mutumin karyewar nahawun da tun kafin ciwo haka yake magana. Gwajin akuya da rago da na kawo a sama ma ba zai yi aiki a kansa ba. Shi ya sa tambayata ta farko ga iyali ita ce yaya yake magana kafin ya kwanta. Tsohon saƙon murya a wayar ɗansa ya fi mini takardar gwaji da aka fassara amfani.

Baba yana jin Hausa, Twi da ɗan Turanci. Wanne zai fara dawowa?

A mafi yawan mutane harsunan suna taɓuwa tare, suna kuma farfaɗowa tare, gwargwadon ƙarfin kowanne kafin ciwon. Akwai waɗanda wani harshe ke riga wani, amma ba doka ba ce cewa na uwa ne zai fara, ko wanda aka fi amfani da shi. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, in an gwada Baba da Turanci ko Twi kawai, alhali Hausa ce harshen gidansa, sakamakon zai nuna ciwon ya fi yadda yake. Ku nemi a gwada shi da kowanne. Cakuɗa Hausa da Twi a jimla ɗaya kuma ba alamar ciwo ba ce ga wanda dama haka yake yi a kasuwa.

An ce mana nau'in Wernicke ne, bayan wata huɗu kuma aka ce anomiya ce. Kuskure aka yi da farko?

Ba lallai ba. Nau'in yakan sauya. A makonnin farko kumburi yana sauka, wuraren da suka suma suna farkawa, sassan da suka tsira suna karɓar wani aikin. Wanda ya fara da rasa komai yakan koma nau'in Broca, mai nau'in Wernicke yakan koma mai neman kalma kawai. Tabon da ke hoton bai motsa ba, amma alamun sun canza, kuma wannan wani dalili ne da ke hana a ɗora alama kan wuri kai tsaye. Marasa lafiya da yawa ma ba sa shiga kowane nau'i sosai.

Don haka kada ku tsaya kan sunan. Ku tambayi mai gyaran magana takamaiman abu: jimla mai tsawon yaya yake fahimta? In an ba shi sautin farko yana kamo kalmar? "E" da "a'a" ɗinsa abin dogaro ne? Na ƙarshen yana da muhimmanci kafin a tambaye shi yardarsa kan magani ko dukiya, domin wasu sukan ce "e" suna nufin "a'a". A gwada da tambayoyin da aka san amsarsu, kamar sunansa da unguwarsu, a juya su ta fuska biyu. In gwajin kare da biri ya nuna yana canka, to a gida a riƙa sa mai aiki a farkon jimla, a faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Maimakon "Kafin ka sha maganin da Aisha ta kawo, ka ci abinci", a ce "Baba, ka ci abinci", a jira ya gama, sannan a ce "Yanzu ka sha magani". A kashe rediyo lokacin da ake masa magana, mutum ɗaya ya yi magana, kuma a ba shi lokaci ya amsa kafin wani ya ƙarasa masa.